Murya Ɗaya a Hannun Marubuta Da Yawa: Yadda Ake Tsare Halin Kamfani a Gajerun Rubuce-rubucen Talla

Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wata matsala da ke tasowa duk lokacin da kamfani ko hukuma ta ba marubuta da dama aikin rubuta gajerun tallace-tallace da sanarwoyi waɗanda za a karanta a rediyo ko a ji a waya. Kowane rubutu gajere ne, ba ya wuce sakan 30 ko 60, kuma kowane marubuci yana iya zama gwani a karan kansa, amma idan aka jera rubuce-rubucen aka saurare su ɗaya bayan ɗaya, sai a ji kamar kamfanoni biyar ne suke magana da suna ɗaya. Abin da laccar take son tabbatarwa shi ne cewa ba a samun daidaiton murya ta hanyar faɗa wa marubuta cewa su rubuta cikin fara'a da mutunci, sai ta hanyar yanke shawara a kan abubuwan da ake iya dubawa a takarda, a rubuta shawarar tare da misalai, sannan a ɗora wa mutum ɗaya nauyin karanta dukkan rubuce-rubucen a jere kafin a ɗauki murya.

Bambancin murya da launin magana

Abu na farko da ya wajaba a rarrabe shi ne murya da launin magana. Murya a nan ba sautin maƙogwaron mai karanta talla ake nufi ba, ana nufin halin da kamfani yake bayyana da shi duk lokacin da ya yi magana, wato yadda yake kiran mai sauraro, da kalmomin da ya saba amfani da su, da irin alƙawarin da yake yi, da abin da ba ya taɓa faɗa. Launin magana kuwa shi ne yadda wannan hali yake sassautawa ko ya tsananta gwargwadon halin da mai sauraro yake ciki. Dattijo mai mutunci ba ya magana a gidan biki kamar yadda yake yi a wurin ta'aziyya, amma duk wanda ya san shi zai gane shi a wuraren biyu, domin halinsa bai canza ba, abin da ya canza shi ne yadda ya fitar da maganar.

Kamfanin Mailchimp na birnin Atlanta a Amurka, wanda yake taimaka wa 'yan kasuwa aika saƙonnin imel, yana cikin waɗanda suka shahara da wannan rarrabewa, kuma a shekarar 2015 ya buɗe kundin salon rubutunsa ga kowa ya karanta. Ka'idar da kundin ya ginu a kanta ita ce murya ba ta canzawa, launi ne yake canzawa, kuma abin da ke canza shi shi ne yanayin zuciyar mai karatu, ta yadda raha tana iya dacewa da saƙon taya murna amma ba ta da gurbi a saƙon da ke sanar da mutum cewa wani abu ya lalace masa. A shekarar 2016 kuma cibiyar Nielsen Norman Group ta wallafa wani tsari na auna launin magana a kan ma'auni huɗu: tsakanin raha da tsanaki, tsakanin maganar ofis da maganar zaman hira, tsakanin girmamawa da tsiwa, da kuma tsakanin zumuɗi da faɗin abu yadda yake. Amfanin wannan tsari ga edita shi ne yana ba shi harshen da zai yi wa marubuci gyara da shi, domin cewa rubutu ya cika zumuɗi ko ya karkata ga maganar ofis gyara ne da ake iya aiki da shi, saɓanin cewa rubutun bai yi daɗi ba.

Dalilin da ya sa siffofi ba sa wadatarwa

Yawancin takardun umarni da ake ba marubuta, wato 'yar takardar da ke bayyana abin da ake so a rubuta, suna siffanta muryar kamfani da kalmomi uku ko huɗu, kamar amintacce, mai fara'a, na kusa da jama'a. Illar wannan ita ce kowane marubuci yana fassara siffar da abin da ya saba. Wanda ya fito daga shirin barkwanci zai ɗauki kusanci da jama'a a matsayin kiran mai sauraro abokina, wanda ya fito daga ɗakin labarai zai ɗauki amana a matsayin doguwar jimla irin ta sanarwar gwamnati, kuma babu wanda za a ce ya saɓa umarni a cikinsu. Saboda haka dole a juya kowace siffa ta koma hukunci. Idan kamfani ya ce shi amintacce ne, sai a rubuta cewa ba ya alƙawarin abin da ba ya hannunsa, ba ya cewa ya fi kowa, kuma idan laifi nasa ne yana faɗin haka a jimlar farko. Wannan hukunci ne da edita zai iya ɗora yatsa a kan layi ya nuna inda aka karya shi.

Shawarwarin da rubutun Hausa yake tilasta a yanke

Rubutun talla da Hausa yana da wuraren rarrabuwa da ba lallai marubucin Ingilishi ya gamu da su ba, kuma a nan ne murya ta fi saurin tarwatsewa. Na farko shi ne wakilin suna, wato kalmar da ake kiran mai sauraro da ita. Hausa tana bambanta namiji da mace a wakilin suna na mutum na biyu, don haka rubutun da ya ce «ka tura» ya ware mata, wanda ya ce «ki tura» ya ware maza. Rubutun da ya ce «ku tura» ya haɗa kowa kuma yana ɗauke da girmamawa, shi kuwa wanda ya ce «a tura» ya janye kamfanin gefe ya mai da shi kamar hukuma mai ba da umarni daga nesa. Haka nan dole a san yadda kamfanin yake ambaton kansa, ko da «mu» ko da sunansa kamar ana ba da labarin wani. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne mafi yawan maimaituwa a kowane rubutu, shi ya sa kunne yake fara jin saɓani a cikinsu tun kafin ya lura da wani abu.

Na biyu shi ne karin harshe. Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubuta littattafai da jaridu da ita, ta fi kusa da Kananci, inda ake cewa «mota ce», alhali a Sakkwato ana cewa «mota ta». Kamfani yana iya zaɓar ya tsaya a kan daidaitacciyar Hausa a ko'ina, ko ya yarda a yi amfani da karin wani yanki a bakin ɗan wasa a cikin talla mai siffar hira, amma jimlar ƙarshe da kamfani yake faɗa da bakinsa ta zauna iri ɗaya. Idan tallar za ta ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, lamarin ya wuce furuci ya kai ga lissafi, domin a Nijar ana ƙirga kuɗi da dala, wadda take daidai da sefa biyar, ta yadda dala ɗari take nufin sefa 500. Marubucin da bai san wannan ba yana iya faɗin farashin da mai sauraro zai fahimta ba daidai ba.

Na uku shi ne jerin kalmomi, wato suna ɗaya tak ga kowane abu da kamfani yake ambata kullum. Idan wani marubuci ya ce lambar sirri, wani ya ce lambar tsaro, wani ya ce fin, mai sauraro da bai saba da harkar ba yana iya zaton abubuwa uku ne daban. Marubutan adabi sun saba guje wa maimaita kalma, amma a wannan fage maimaitawar ita ce manufa, domin da ita ce suna yake zama a kunnen jama'a.

Misali da aka bi dalla-dalla

Domin a ga yadda waɗannan abubuwa suke aiki, sai a ƙaddara wani kamfani mai hidimar tura kuɗi ta waya, wanda yake buƙatar rubutu 40 na rediyo a cikin wata uku, kowanne na sakan 30, kuma ya raba aikin ga marubuta biyar, kowa rubutu takwas. Matakin farko da ya dace shi ne kada a raba aikin tukuna. Sai a ba dukkan marubutan batu ɗaya su rubuta a rana ɗaya, misali gargaɗi cewa kada kowa ya bayyana lambar sirrinsa, domin a ga tun da wuri inda hannayensu suka bambanta. Ga irin abin da ake iya samu daga uku a cikinsu.

Na farko ya rubuta: «Kai abokina! Kar ka yi wasa da fin ɗinka fa! 'Yan damfara sun baza komarsu. Ka riƙe shi gam, ka ci gaba da shagalinka tare da mu!»

Na biyu ya rubuta: «Ana sanar da ɗaukacin abokan hulɗa cewa kamfani ba zai ɗauki alhakin duk wata asara da ta biyo bayan bayyana lambar tsaro ga wani mutum ba.»

Ta uku ta rubuta: «'Yar uwa, kin san babu wanda ya kai mu tsaro a faɗin ƙasar nan? Ki ɓoye lambobinki, kuɗinki ba za su taɓa ɓata ba.»

Babu ɗaya daga cikin ukun da yake da kuskuren nahawu, amma idan aka auna su sai a ga saɓani a wurare huɗu. An kira mai sauraro ta hanya uku, da «ka» da «ki» da kuma abokan hulɗa. An ba abu ɗaya suna uku. Launin maganar ya tashi daga raha a na farko zuwa maganar lauya a na biyu, alhali batun batu ne na mutumin da yake tsoron a kwashe masa kuɗi, wanda raha take raina damuwarsa, maganar lauya kuma take nuna masa cewa kamfani kansa yake karewa. Na uku kuwa ya ƙunshi iƙirarin fifiko da ba a kawo masa hujja ba, da alƙawarin da babu kamfanin da zai iya cikawa. Wannan na ƙarshe ya wuce batun salo, domin a Nijeriya hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, tana da kwamitin da ke tantance talla kafin a watsa ta, kuma iƙirarin da ba shi da hujja yana cikin abubuwan da ake dubawa.

Daga wannan zama ne ake fitar da kundin salo, wato takardar da ke tattara hukunce-hukuncen murya, kuma ya fi amfani idan bai wuce shafi biyu ba, domin dogon kundi ba a buɗe shi a lokacin aiki. A wannan misali kundin zai ce kamfani yana kiran kansa «mu», yana kiran mai sauraro «ku», sunan lambar shi ne lambar sirri, mai shagon da ake cire kuɗi a wurinsa shi ne wakili, ba a cewa an fi kowa, ba a raha a kan asara, kuma kowane rubutu yana ɗauke da saƙo ɗaya da aiki ɗaya da ake so mai sauraro ya yi. Rubutun da aka gyara bisa wannan zai iya zama haka:

«Jama'a, lambar sirrinku taku ce ku kaɗai. Ba za mu taɓa kiranku mu tambaye ku ita ba, ko ta waya ko ta saƙo. Duk wanda ya kira ya ce daga wajenmu yake, sannan ya nemi lambar, ku kashe wayar. Idan kun riga kun faɗa wa wani, ku canza ta yanzu, ku sanar da wakilinmu mafi kusa.»

Ana adana wannan rubutu a cikin kundin tare da guda ukun da aka ƙi, kowanne da jimla ɗaya mai bayyana dalilin ƙin sa, saboda sabon marubuci yana koyo daga abin da aka ƙi fiye da yadda yake koyo daga abin da aka karɓa. Shi rubutun da aka karɓa yana nuna wuri ɗaya ne a cikin fili, waɗanda aka ƙi su ne suke nuna iyakokin filin.

Yadda launi yake canzawa murya tana nan

Bayan an tsayar da murya, sai a zana wa marubuta taswirar launi, wato jerin yanayoyin da mai sauraro yake iya kasancewa a ciki da abin da ya dace da kowanne. A wannan misali yanayi uku sun isa: murna, koyo, da damuwa. A lokacin salla kamfanin yana iya cewa: «Barkanku da salla. Ku tura wa iyaye goron salla daga inda kuke, mu kuma mu isar.» A ranar da hidima ta tsaya kuma zai ce: «Tun safiyar yau tura kuɗi yana jinkiri, kuma matsalar daga wajenmu take. Kada ku sake turawa, domin kada a cire muku sau biyu. Za mu sanar da ku da zarar an gyara.» Na farko yana da walwala, na biyu ba shi da ado ko kaɗan, amma «mu» da «ku» suna nan, jimlolin gajeru ne, aikin da ake nema ɗaya ne, kuma babu alƙawarin da ya wuce iko. Abin lura a na biyu shi ne ba a ambaci lokacin da za a gama gyara ba, domin marubuci ba ya sa wa'adin da injiniyoyi ba su tabbatar ba.

Tacewa, da alamomin da ke nuna murya ta fara kaucewa

Kundi shi kaɗai ba ya tsare murya, sai da edita ɗaya wanda kalmarsa ce ta ƙarshe. Idan editoci biyu suka raba rubuce-rubucen, matsalar marubuta biyar ta koma matsalar editoci biyu. Hanyar aikinsa ita ce ya tara rubutu takwas ko goma daga hannaye daban-daban, ya karanta su a jere da murya a bayyane, da agogo a hannu. Karatu a jere yana fito da saɓanin da ba a gani idan ana duba rubutu ɗai-ɗai, karatu a bayyane kuma yana fito da jimlar da numfashi ba ya kaiwa ƙarshenta. Agogon yana da muhimmanci ga murya kai tsaye. A tallar Ingilishi ana ƙiyasta kalma 70 zuwa 75 ga sakan 30, amma a Hausa ya fi kyau kamfani ya auna da bakin mai karanta masa ya tsayar da iyakarsa, domin rubutun da ya yi yawa yana tilasta wa mai karatu sauri, kuma kamfanin da ya zaɓi natsuwa zai fito a rediyo kamar mai gwanjo a bakin kasuwa ba tare da an canza kalma ɗaya ba.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da ke nuna ko an yi nasara. A na farko ana cire sunayen marubuta daga rubutu goma, a gauraya su, a ba wani da ya san marubutan ya faɗi wanda ya rubuta kowanne. Idan ya gane mafi yawansu, to muryoyin marubuta ne ake ji, ba ta kamfani ba. A na biyu ana rufe sunan kamfanin a tambaya ko wani kamfani mai irin wannan hidima zai iya ɗaukar rubutun ya sa sunansa ba tare da gyara ba. Idan zai iya, to an sami daidaito amma ba a sami hali ba. Gwajin farko yana kama rarrabuwa, na biyu yana kama lami, kuma dole a yi su tare, domin maganin ɗaya yana iya haifar da ɗayan.

Wata illa da ba a saurin lura da ita ita ce kaucewa a hankali. Marubuci yakan kwaikwayi rubutun da aka karɓa na baya-bayan nan, wanda shi ma ya ɗan karkata daga wanda ya gabace shi, ta yadda rubutu na 40 zai yi nisa da na farko ba tare da an ga inda aka karya doka ba. Maganin wannan shi ne a ware rubutu huɗu ko biyar a matsayin ma'auni, a riƙa gwada kowane sabon rukuni da su. Haka nan duk hukuncin da edita ya yanke a kan sabuwar kalma ko sabon yanayi, a shigar da shi kundin a ranar tare da kwanan wata, a sanar da marubutan duka, domin gyaran da aka faɗa wa mutum ɗaya a waya bai zama doka ga sauran huɗun ba.

Iyakokin wannan tsari

Tsarin yana da iyaka ta fuska uku. Ta farko, idan aka tsaurara doka har ta kai ga tsara yadda kowace jimla za ta fara, rubuce-rubucen za su zama abu ɗaya da ake maimaitawa, kuma kunnen mai sauraro zai daina tsayawa a kansu. Don haka abin da ake ɗaurewa shi ne wakilin suna, da sunayen abubuwa, da iyakar alƙawari, da jimlar rufewa, a bar wa marubuci labari da misali da hanyar buɗewa. Ta biyu, rabin abin da ake ji a rediyo yana bakin mai karatu ne da kiɗan da ke ƙarƙashinsa, saboda haka dole kundin ya isa ɗakin ɗaukar murya, edita kuma ya saurari abin da aka ɗauka kafin a kai gidan rediyo. Ta uku, murya ba ta gyara hidima. Kamfanin da yake cewa za a sanar da jama'a da zarar an gyara, sannan bai sanar ba, ya mai da kyakkyawar jimlarsa shaida a kansa.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne daidaiton murya aiki ne na tsari kafin ya zama aikin fasaha. Ana fara shi da zaman gwaji a kan batu ɗaya, a fitar da gajeren kundi mai hukunci da misalai, a zana taswirar launi bisa halin mai sauraro, a damƙa tacewa ga edita ɗaya, a kuma riƙa komawa ga rubuce-rubucen ma'auni. Kira ga shugabannin kamfanonin talla da masu kula da sashen kasuwanci a gidajen rediyo shi ne kada su raba wa marubuta aiki kafin a yanke waɗannan shawarwari a rubuce, kuma su yanke su da Hausa tun farko, ba su jira a fassaro musu kundin da aka tsara domin wani harshe ba. Kira ga marubuta kuma shi ne su ɗauki bin kundi a matsayin wani ɓangare na ƙwarewarsu, domin a wannan sana'a gwani shi ne wanda mai sauraro ya ji rubutunsa ya gane kamfanin kafin a ambaci sunansa.